Kafin Ka Danna Risetin Rauta, Ajiye Saitinka Tukuna

A cikin zagayen da muke yi na wayar da kan masu ƙananan sana'o'i game da na'urorinsu, na shiga wani shagon wasan gem na tarar da mai shagon ya zabga tagumi. Injinan PS4 huɗu a kunne, yara sun cika benci, amma wasan intanet ya ƙi. Biyu ba sa hawa intanet kwata-kwata, biyun da suka hau kuma kan allo `NAT Type 3` suke nunawa, ba sa samun abokan karawa, ba sa jin muryar juna. Daren jiya intanet ta ɗan yi nauyi, sai wani ya ba shi shawara ya zura tsinke a ƙaramin ramin nan na bayan rauta ya riƙe daƙiƙa goma.

Wannan tsinken ya mayar da rautar yadda ta fito daga kwali. Wanda ya yi masa saiti a bara ya ware wa kowane inji adireshinsa na dindindin, ya buɗe ƙofofin sadarwa na rauta da PlayStation ke buƙata, wato TCP 3478 zuwa 3480 da UDP 3478 da 3479, ya kuma fifita injinan gem a kan wayoyin masu kallon bidiyo. Duk sun goge. Injinan nan biyu da suka ƙi hawa intanet an rubuta musu adireshi da hannu a jerin `192.168.1.x`, ita kuwa rautar ta koma jerinta na asali `192.168.0.x`, shi ya sa su da rautar ba sa ganin juna. Wuni guda muka ɓata muna lalube, alhali aikin minti biyu ne da ya ajiye kwafi.

Ga yadda ake yi. Haɗa kwamfuta da rauta, da kebul ya fi kyau. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashin rautar. Idan TP-Link ce, yawanci `192.168.0.1` ne ko `tplinkwifi.net`. Ka shiga `Advanced`, sai `System Tools`, sai `Backup & Restore`, ka danna `Backup`. Idan ASUS ce, ka shiga `Administration`, sai `Restore/Save/Upload Setting`, ka danna `Save setting`. Wani ɗan ƙaramin fayil zai sauko. Duba girmansa, in ka ga sifili, bai sauko ba, sake. Sauya masa suna ka sa samfurin rautar da lambar manhajar da ke kanta da kwanan wata, don ranar buƙata kada ka rasa wanne ne wanne. Kada ka tura shi zauren WhatsApp, domin kalmar sirrin waifai ɗinka da ta shiga layin kamfanin intanet suna ciki.

Sai dai abin da na fi so ku riƙe shi ne, fayil ɗin nan yana da iyaka. Bayan riset, idan manhajar rautar ba ta canza ba, ka danna `Restore` a TP-Link ko `Upload` a ASUS ka zaɓe shi, rautar ta mutu ta tashi, komai ya dawo. Amma idan sabunta manhajar cikin rauta ka yi, abin da allo ke kira `Firmware Upgrade`, sabuwar na iya ƙin karɓar tsohon fayil, ko ta karɓa rabi da rabi, ka ga waifai na aiki amma jerin ƙofofi fanko. Fayil ɗin kuma ba ya hawa wata rautar ta daban, wani lokacin ko da sunansu ɗaya in zubin ƙirarsu ya bambanta.

Saboda haka ka ɗauki wayarka ka yi hoton shafukan da kansu: na `Port Forwarding` inda ake buɗe ƙofofi, na `Address Reservation` inda adireshin kowane inji yake, na `QoS` inda ake fifita wasu na'urori a kan wasu, da wurin da ke nuna ko `UPnP`, mai buɗe wa na'urori ƙofa da kanta, a kunne take. Ka haɗa da shafin `LAN` inda jerin adireshin rautar yake, shi ne ya kayar da mai shagon nan. In fayil ya ƙi, sai ka kwafa da hannu daga hotunan.

Wajen sabuntawar kuma, don Allah kada ka fara sai rautar na kan inbata ko batirin da ka amince da shi. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubuta manhaja, tana iya mutuwa ta ƙi tashi, kuma kwafin saiti ba ya ta da ita.

Bayan ka mayar da saitin, je kan injin ka shiga `Settings`, `Network`, `Test Internet Connection`. In ka ga `NAT Type 2`, aiki ya yi. In har yanzu uku ce, fara duba ko adireshin injin ya yi daidai da wanda aka buɗe wa ƙofa a hotonka. Da an daidaita, ka sake ajiye sabon fayil daga sabuwar manhajar, ka sa ɗaya a filashi, ɗaya a kwamfuta.