Kafin ka aika takardar, ka karanta ta da baki, ka ƙirga "mu" da "ku"

"Malam, ni ne magatakardan ƙungiyar manoman albasa a wajen Galmi. Na rubuta wa ƴan kasuwar Katako ta Yamai takardar talla, amma ba ni da mai duba mani. Ta ina zan fara?"

Bar ta ta kwana tukuna. Da safe ka karanta layi biyu na farko kawai, ka tambayi kanka: in Alhajin da ke tsaye bakin mota ya tsaya nan, ya san abin da ake sayarwa da abin da ake so ya yi? In sai ya kai ƙasa zai gane, ɗauko na ƙasan ka maido shi sama. Daga nan ka bi kowane adadi da kowace rana ka gwama su da littafin ƙungiya, domin sifiri ɗaya da ya ɓace a farashin buhu ya isa ya haɗa ku rigima.

"Ai na karanta ta a zuci har sau uku. Dole ne sai da murya?"

Dole ne. Idon marubuci yana ganin abin da ya yi niyyar rubutawa, sai ya cike gurbin kalmar da ta faɗi ba tare da ya sani ba. Baki kuwa sai ya furta abin da ke kan takarda. Ka riƙe biro, ka karanta a hankali kamar mai sanarwa a rediyo, ka sa alama duk inda numfashi ya ƙare maka kafin jimla ta ƙare. Wannan jimlar a raba ta biyu. Inda harshe ya sarƙe har ka koma baya, yawanci ma'ana ce ta rabu biyu. Rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "ya kawo kuɗin ranar Laraba" yana iya zama labari, yana iya zama umarni. In umarni kake nufi, rubuta "sai ya kawo". Mafi kyau ma, ka miƙa wa wani ɗan ƙungiyar ya karanta kana saurare, kar ka taimake shi in ya yi tuntuɓe.

"To ƙirga 'mu' da 'ku' fa, yaya ake yi?"

Ka kewaye duk abin da ke nuni ga ƙungiyarku: mun, muna, za mu, mana, da "mu" ɗin da ke manne a ƙarshen suna. Ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ke nuni ga mai karatu: kun, kuna, ku, maku, motarku. Da hannu za ka yi. In ka sa kwamfuta ta nemo maka "mu" da Ctrl+F, sai ya kwaso maka "mutane" da "samu", "ku" kuma ya kwaso "kuɗi" da "kuma".

Ga irin farkon da ake yawan yi: "Mun kafa ƙungiyarmu don ci gaban manomanmu. Muna noma albasa mai kyau, kuma muna farin cikin sanar da ku cewa mun fara sayarwa." A nan "mu" 6 ne, "ku" 1, shi ma ɗin an sako shi ne don ya saurari farin cikinku. Ɗan kasuwa bai samu ranar zuwa ba, bai samu adadi ba. Juya ta: "Alhaji, in kuna neman albasar Galmi busasshiya wadda za ta jure ajiya, ku turo motarku ranar Laraba, za mu loda maku buhu 100 kafin la'asar." Yanzu "ku" 4, "mu" 1, kuma guda ɗayan nan alkawari ne. Ka lura ba sauya wakilin suna kaɗai aka yi ba. Da ka fara jimla da "ku", dole ka nemo abin da shi zai samu, shi ya sa rana da adadi suka fito.

"Ke nan kullum 'ku' ya kamata ya rinjaya?"

A takardar talla ko gayyata, e. A takardar ban haƙuri kuwa "mu" ake nema. Ka farauto "an" da "za a", don nan marubuci ke ɓuya. "An samu jinkiri" bai faɗi wanda ya makara ba, gara "mun makara da lodi, za mu biya kuɗin kwanan mota". A takardar neman a biya ku bashi kuma, jera "kun ƙi", "ba ku biya ba", "kun manta" nuna yatsa ne. Faɗi ragowar kuɗin da ranar da kuke jira, ya wadatar.

"Wane zan fara, ƙirga ko karatu?"

Ƙirga, domin ita ke sa ka rushe jimloli ka sake gina su. Karatu da baki ya zo ƙarshe, bayan gyaran ƙarshe, tun da a wajen gyara ne ake barin rabin tsohuwar jimla manne da sabuwa.