Zanen fuska mai maimaita motsi

Zanen fuska mai maimaita motsi gajeren hoto ne, yawanci na daƙiƙa 3 zuwa 8, wanda fuskar da aka zana take tsaye cak, ido kaɗai ke ƙiftawa, bayan hoton kuma yana ɗan kaɗawa a hankali. Ƙarshensa yana haɗewa da farkonsa, har mai kallo ya kasa gane mahaɗar.

Tarihi

Dabarar ta girmi sinima. Wajen 1832 masanin kimiyya ɗan Beljiyam Joseph Plateau ya ƙera faifai mai jerin zane a gefensa, idan an juya shi sai zanen ya yi motsi. Da yake faifan da'ira ne, dole zanen ƙarshe ya koma na farko, kuma wannan ƙa'ida ce ake bi har yau. Kamfanin CompuServe ya fitar da tsarin fayil ɗin hoto na GIF a 1987, sigar 1989 ta ƙara damar sa tazarar lokaci tsakanin firam da firam, wato hotunan da ke bin juna a jere, maimaitawa kuwa ta zo da manhajar shiga intanet ta Netscape Navigator 2.0 wajen 1995. Har yanzu ana saɓani kan furucin sunan GIF.

Ƙiftawa

Ana fara rarraba zanen falle-falle: bayan hoto, fuska, ƙwayar ido, fatar ido. Wurin da kai ya rufe a fallen baya sai an cike shi da launi, in ba haka ba rami zai bayyana da zarar fallen ya motsa.

Mutum yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti, kowace ƙiftawa ba ta kai rabin daƙiƙa ba. A hoto mai daƙiƙa 6 da firam 12 a daƙiƙa, wato firam 72, huɗu sun isa ƙiftawa ɗaya: na 30 ido ya rufe rabi, na 31 ya rufe ruf, na 32 da na 33 yana buɗewa. Rufewa ta fi buɗewa sauri, kuma fatar sama ce ke yin kusan duk aikin. Idan aka ja ƙiftawar ta yi tsawo, fuskar sai ta yi kama da mai gyangyaɗi. Ƙiftawa ɗaya a kowane zagaye takan tona asirin maimaicin, shi ya sa masu zane kan sa biyu da tazara mabambanciya.

Motsin baya

Tsawon kowane motsi dole ya raba 72 ba saura. Ganyen da ke kaiwa da komowa cikin firam 36 ko 24 zai daidaita, na firam 50 kuwa zai yi tsalle a mahaɗa. Kada firam na ƙarshe ya zama kwafin na farko, domin hakan na jawo ɗan tsaiko a kowane zagaye.

Fitarwa

GIF ba ya ɗaukar launi fiye da 256 a firam guda, don haka zane mai launi bai ɗaya ya fi dacewa da shi, mai launin da ke sauyawa a hankali yakan fito layi-layi. Da yawa yanzu bidiyon MP4 suke fitarwa.