Lasisin koyon tuƙi da jarrabawar dokokin hanya a Birtaniya

Lasisin koyon tuƙi, wanda ake kira lasisin wucin gadi, shi ne takardar farko da doka ta wajabta wa mai son koyon tuƙin mota a Ingila da Sikotilan da Wales, kuma sai da lambar da ke jikinsa ake iya kama gurbin jarrabawar dokokin hanya. Hukumomi biyu ne ke riƙe da wannan aiki. DVLA, mai hedikwata a birnin Swansea na Wales, ita ke ba da lasisi, DVSA kuma ita ke shirya jarrabawa. Ireland ta Arewa tana da hukumarta daban, mai suna DVA, da kuɗaɗenta daban.

Tarihi

Dokar motoci ta 1903 ce ta fara tilasta wa direbobi mallakar lasisi a Birtaniya, amma a wancan zamani sule biyar kawai mutum zai biya a ba shi takarda, ba tare da an gwada ko ya iya tuƙi ba. Littafin dokokin hanya, The Highway Code, ya fara fitowa a 1931, sannan gwajin tuƙi a kan titi ya zama dole daga 1 ga Yuni 1935. A wannan lokaci ne aka soma bambanta mai koyo da ƙwararre ta hanyar lasisin wucin gadi da allon harafin L da ake liƙa wa mota.

Kimanin shekara sittin aka yi ba tare da jarrabawar dokoki mai zaman kanta ba. Jami'in gwaji yakan yi wa ɗalibi 'yan tambayoyi da baki bayan sun gama zagaye, shi ke nan. A ranar 1 ga Yuli 1996 aka raba abin gida biyu, aka shigo da jarrabawar rubutu mai tambayoyi 35, wadda ta koma kan kwamfuta a 2000. An ƙara sashen hango haɗari, inda ɗalibi ke kallon bidiyon titi yana gano haɗarin da ke tasowa, a Nuwamba 2002, tambayoyi suka ƙaru zuwa 50 a Satumba 2007, kuma daga Janairu 2012 hukuma ta daina buga ainihin tambayoyin jarrabawa a littattafan bita, saboda ɗalibai suna haddace amsoshi ba tare da sun fahimci dalilinsu ba. A Afrilu 2014 aka soke amfani da tafinta da muryoyin fassara zuwa harsunan waje, matakin da ya jawo muhawara tsakanin masu cewa dole direba ya iya karanta allunan hanya da masu ganin an takura wa baƙi. Yanzu ana yin jarrabawar da Ingilishi, ko harshen Wales, ko maganar hannu ta kurame ta Birtaniya.

Sharuɗɗan neman lasisi

Ana iya tura takardar nema tun mutum yana da shekara 15 da wata 9, amma ba zai hau titi da mota ba, kuma ba zai zauna jarrabawar dokokin mota ba, sai ya cika 17. An sassauta zuwa 16 ga wasu masu buƙata ta musamman da ke karɓar babban tallafin zirga-zirga na gwamnati. Dole mai nema ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, da tabarau idan yana amfani da shi, kuma ya kasance yana da izinin zama a ƙasar na aƙalla kwana 185.

Akwai tambayoyin lafiya a cikin fom. Farfaɗiya, da ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, da wasu cututtukan ido suna cikin abubuwan da ya wajaba a bayyana, kuma ɓoye su na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Bayyana ciwo ba ya nufin za a hana lasisi, sai dai yakan tsawaita jira, domin hukuma na iya tuntuɓar likitan mai nema.

Takardu da hanyoyin nema

Hanya mafi sauƙi ita ce shafin gwamnati na GOV.UK, inda kuɗin ya kama fam 34. Ana buƙatar shaidar ko wane ne mutum, da adireshin duk gidajen da ya zauna cikin shekara uku da suka wuce, da lambar inshorar ƙasa idan yana da ita. Mai fasfo na Birtaniya yakan shigar da lambar fasfonsa kawai. Baƙo kuwa yakan shiga asusunsa na shige da fice ya ciro lambar tabbatarwa, wadda DVLA ke amfani da ita ta duba izinin zamansa. Idan komai ya daidaita, katin yakan iso cikin mako guda ko makamancin haka.

Hanya ta biyu ita ce fom D1, wanda ake samu a gidajen waya, a cika da hannu a aika Swansea tare da fam 43, da hoto irin na fasfo, da ainihin takardar shaida, domin ba a karɓar kwafi. A nan ne aka fi samun tangarɗa. Idan hukuma ba za ta iya tantance mutum ta fasfo ko lambar tabbatarwa ba, sai wani ya sa hannu a bayan hoton da kuma cikin fom, kuma wannan mutum dole ya kasance yana da lasisin ƙasar mai hoto, ba ɗan'uwan mai nema ba ne, ba kuma gida ɗaya suke zaune ba. Ga sabon zuwa da bai san kowa ba sai danginsa, samun irin wannan shaida yakan fi cika fom ɗin wuya. Jiran gidan waya yakan kai mako uku, kuma wanda ya aika fasfonsa ba shi da halin tafiya har sai an dawo masa da shi.

Katin mai koyo kore ne, na cikakken direba kuma ruwan hoda, kuma hotonsa yana aiki shekara 10. Lambar direba da ke jikinsa tana da haruffa da alƙaluma 16, waɗanda ba a zuba su kara zube ba. Biyar na farko daga sunan mahaifi ko na dangi ake ɗauko su, a cike gurbi da 9 idan sunan bai kai ba, shida na gaba kuma ranar haihuwa ce a hargitse. Namiji mai sunan dangi Musa da aka haifa 14 ga Maris 2007 lambarsa za ta fara da MUSA9003147, mace kuma MUSA9053147, domin ana ƙara 5 a kan alƙalamin farko na watan haihuwar mace. Duba wannan lamba ranar da kati ya iso yana nuna ko an yi kuskure a suna ko ranar haihuwa tun kafin a kai ga jarrabawa.

Mai wannan kati yana tuƙi ne da allon L gaba da baya, ko D a Wales, da inshorar da ta ƙunshe shi, da mai sa ido wanda ya haura shekara 21 kuma ya shekara uku da cikakken lasisi.

Kama gurbin jarrabawa

Abu uku ake nema a shafin GOV.UK: lambar lasisi, da adireshin imel, da katin banki na biyan fam 23. Ɗalibi ya zaɓi cibiya da rana da sa'a, a aiko masa da tabbaci ta imel. Wanda ke da matsalar karatu ko ji ko wata naƙasa ya kamata ya faɗa a wannan mataki, domin a tanadar masa ƙarin lokaci ko muryar da za ta karanta masa tambayoyi. Akwai shafukan 'yan kasuwa da ke kama wa mutane gurbi su ɗora ladansu a kai, kuma alamar gane su ita ce kuɗin ya wuce fam 23 ko adireshin bai ƙare da gov.uk ba.

Sharaɗin da ake yawan ruɗawa da na lasisi shi ne na zama. Lasisi izinin zama yake nema, jarrabawa kuwa tana neman mutum ya riga ya zauna a ƙasar kwana 185 cikin wata 12 kafin ranar da zai yi ta. Ɗalibar da ta sauka daga Kano ranar 1 ga Satumba tana iya neman katinta ta fara darasi da malami, amma kwanakinta ba za su cika ba sai makon farko na Maris. Idan ta zo da lasisin Najeriya, tana iya tuƙi da shi wata 12 daga ranar da ta zama mazauniya, sai dai Najeriya da Nijar da Gana ba sa cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu, don haka tsakanin Maris da ƙarshen Agusta ne kawai take da damar cin jarrabawa biyu kafin ta koma matsayin mai koyo.

Ɗage rana ko sokewa yana buƙatar sanarwar cikakkun kwanakin aiki uku, in ba haka ba kuɗin ya tafi. Asabar tana cikin lissafi, Lahadi da ranakun hutun gwamnati ba sa ciki. Mai jarrabawa ranar Juma'a yana da zuwa Litinin, domin Talata da Laraba da Alhamis su ne ukun. Mai ta ranar Litinin kuwa sai ya sanar tun Larabar makon da ya gabata.

Ranar jarrabawa

Ana son ɗalibi ya isa minti 15 kafin lokaci, riƙe da katin lasisinsa. Wanda ya manta shi a gida ba zai shiga ba, kuma ba za a mayar masa da kuɗinsa ba. Ana gwada fuska da hoto, waya da jaka da agogo kuma a kulle su a akwatin ajiya.

Sashen farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin minti 57, kuma ana buƙatar 43 daidai. Tun 28 ga Satumba 2020, uku daga cikinsu suna dogara ne a kan ɗan gajeren bidiyo marar sauti da ɗalibi zai iya maimaita kallonsa. Tambayoyin suna fitowa daga littattafai uku: The Highway Code, da Know Your Traffic Signs, da Driving – the Essential Skills.

Bayan hutun da bai wuce minti uku ba sai sashen hango haɗari, mai bidiyo 14 da haɗurra 15, domin ɗaya daga cikin bidiyon yana ɗauke da biyu. Abin da ake ba maki shi ne haɗarin da ya fara kunno kai, wato wanda zai sa direba ya rage gudu ko ya kauce. Motar da ke fake a gefen titi ba ta kai haka ba, amma da zarar ta kunna sigina ta soma motsi ta zama haɗari, kuma wanda ya danna linzamin kwamfuta a wannan lokaci yana iya samun maki 5, makin na raguwa gwargwadon jinkirinsa. Mai danna ba ƙaƙƙautawa ko bisa wani tsari zai tashi da sifili a wannan bidiyo, kuma ba a komawa baya. Ana neman 44 cikin 75.

Dole a ci sassan biyu a zama ɗaya, kuma a shekarun baya-bayan nan ƙasa da rabin masu zama ne ke ci. Ana ba da sakamako nan take a cibiyar. Wanda ya faɗi zai sake biyan fam 23 ya jira aƙalla kwanakin aiki uku. Wanda ya ci yana samun lambar shaida mai aiki shekara biyu, kuma idan wa'adin ya ƙare bai ci gwajin tuƙi a kan titi ba, sai ya sake zaman jarrabawar dokoki daga farko.