Buga ƙusa a karkace a aikin katako

Buga ƙusa a karkace hanya ce ta haɗa katako biyu inda babu damar a bi ta bayan ɗaya a shiga ɗayan kai tsaye. Ƙusar kan shiga ta gefen katakon sama a jirkice, ta ratsa shi, ta nutse cikin wanda yake ƙasa. A ƙauyukan Kano da Jigawa an fi ganin wannan aiki wajen rufin kwano, inda rafta ke zama a kan katakon da aka shimfiɗa bisa bango, sai kuma rumfar shago da ɗakin kaji. A wannan bugu ne ƙusa ta fi lanƙwashewa katako ya fi tsagewa, kuma yawanci matsalar ba daga ƙarfin hannun kafinta take ba. Daga wurin da aka kafa bakin ƙusa ne da yadda aka karkata ta.

Yadda ƙusa ke riƙe katako

Katako jijiyoyi ne jere a tsaye, kamar damin kara. Ƙusa ba ta yanka su. Tura su gefe take, su kuma su matse ta, wannan matsewar ce riƙon. Idan ta ratsa jijiyoyin a gicciye riƙon yana da ƙarfi. Idan kuwa ta shiga ta bakin katako, wato inda zarto ya yanka, sai ta bi tsakanin jijiyoyi kamar an soka tsinke a bakin damin kara, da hannu ma ana iya zare ta bayan katakon ya bushe. Shi ya sa ƙa'idojin aikin katako ba su yarda a dogara da ƙusar bakin katako ba a duk inda za a ja ta waje. Ƙusar karkace maganin wannan ce, domin tana ratsa jijiyoyin katakon biyu duka.

Wannan tura jijiyoyi gefe kuma shi ne ke tsaga katako. Bakin ƙusa mai tsini yana aiki kamar gatarin faskare. A tsakiyar katako akwai nama isasshe da zai tare shi, amma kusa da baki ko gefe babu, sai tsagar ta bi jijiya ta fita.

Wurin farawa da karkata

Ƙa'idar zanen ginin katako ta Amurka ta ba da awo biyu: a fara ƙusa daga nisan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta daga mahaɗar, a kuma karkata ta kusan digiri 30 daga jikin katakon. Kafintoci da yawa sukan kwantar da ita har wajen digiri 45, kuma aikin na tafiya. Abin da ba ya yafuwa shi ne wurin farawa.

Ga misali da awonsa. Rafta mai inci biyu da huɗu, wanda 'yan katako ke kira tu-bai-fo, zai zauna kan katakon bango irinsa da aka kwantar, kaurinsa milimita 50. Ƙusa mai inci uku tsawonta milimita 75 ne, don haka za a kafa bakinta milimita 25 sama da mahaɗar, inci ɗaya ke nan. Babu mai hawa rufi da ma'aunin digiri, amma ana gane digiri 30 da ido: lokacin da bakin ƙusa ke taɓa katako, kanta ya nisanci jikin katakon da rabin tsawonta, kamar faɗin yatsu biyu. A haka kusan milimita 29 na ƙusar ne za su zauna cikin rafta, saura 46 su shiga katakon bango, kuma saboda karkatar zurfinsu ƙasa milimita 40 ne kawai. Bakin bai ɓulla ba.

A wuri guda a ɗauko ƙusa mai inci huɗu, wadda masu gida suka fi so don ganin babba ta fi ƙarfi. Za a fara ta daga milimita 33, ta ci 38 cikin rafta, saura 62, zurfinsu ya kai milimita 54. Katakon bango kuwa 50 ne, in ma ya cika, don tu-bai-fo na kasuwa sau da yawa bai cika inci biyu ba. Bakin ƙusar zai ɓulla ya daki bulo ko kankare, sai dai ta lanƙwashe a ciki ko ta ɗaga katakon daga kan bango. Ana ganewa da sauti: bugun da yake dum-dum sai ya koma ƙwar-ƙwar, hama ta fara tsalle. Inci huɗu ta dace ne inda katakon ƙasa ya kai inci uku, ko aka tsayar da tu-bai-fo a kan gefensa.

Idan aka fara ƙasa da kima, a ce rabin inci daga mahaɗar, naman da ke ƙarƙashin ƙusar bai isa ba, sai gefen rafta ya ɓalle ya bar ƙusa tsaye tana riƙe da ɓawo. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a hannun yaran kafinta, domin nan ne ya fi sauƙin kaiwa. Idan aka fara can sama kuma, ƙusar za ta ƙare cikin rafta, bakinta kaɗai ya taɓa katakon bango. Daga waje aikin kan yi kyau, sai an girgiza rafta a ga yana motsi.

Yadda ake bugun

Ƙusar da aka kafa a karkace tun bugun farko zamewa take a jikin katako. Don haka akan fara kafa ta kusan a miƙe, a ɗan taɓa ta sau biyu har bakin ya kama, sannan a ɗaga kanta da yatsa zuwa karkatar da ake so, a ci gaba. Kowane bugu yana tura rafta gaba daga layin da aka shata. Kafinta kan tokare shi da ƙafa ta ɗaya gefen, ko ya kafa guntun katako na wucin gadi, ko kuma ya ajiye raftan baya da layi kamar milimita 5 don bugun ya kawo shi daidai.

Ƙusa uku ake sa wa a irin wannan mahaɗa, biyu ta gefe ɗaya, ɗaya ta ɗaya gefen. Biyun a raba su da aƙalla inci ɗaya da rabi. Ta ukun ta faɗa tsakaninsu, kada ta yi saiti da ko ɗaya, don in sun haɗu a ciki ɗaya za ta kauce ta tsaga katako. Ta ukun ce kuma ke dawo da raftan kan layi in biyun farko sun wuce da shi. Da kan ƙusa ya zauna a jikin katako a tsaya. Bugun ƙarshe na burga, wanda ake yi don a nutsar da kan, shi ne ya fi fasa gefen rafta.

Lanƙwashewar ƙusa

Ƙusa kan lanƙwashe idan fuskar hama ba ta sauka daidai da tsawonta ba. A bugun karkace dole hamar ma ta karkata, kuma a nan sabon hannu yake mantuwa ya yi bugu kamar ƙusar a tsaye take. Fuskar hama mai santsi, wadda ta sha mai ko fenti, ita ma zamewa take. A goga ta a kan bulo ko kankare sau biyu, shi ke nan. A riƙe ƙota daga ƙarshe, bugu kaɗan masu nauyi sun fi ƙanana masu yawa.

Sauran dalilin daga katakon ne: idon reshe, ko itace mai tauri. Ƙusar da ta fara sunkuyawa tun rabi ana iya miƙe ta sau ɗaya da kunnen hama. In ta sake, a cire ta, a sa guntun katako ƙarƙashin hama don kada a ƙwarzane aikin, a ɗauki sabuwa a sauya wuri. Kwantar da lanƙwasasshiyar ƙusa a jikin katako a wuce, kamar yadda ake gani a rufi da yawa, ɓoye laifi ne, ba ta riƙe komai. Tsohuwar ƙusa da yara suka miƙe a kan dutse ta isa gyaran akurki, amma a mahaɗar rafta za ta sake karyewa daidai inda ta taɓa lanƙwashewa.

Tsagewa da irin katako

Ba kowane katako ke karɓar ƙusa iri ɗaya ba. Abeche da ake kawowa daga kudu mai laushi ne, nauyinsa bai kai kilo 400 a kowane curi mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri ba, ƙusa na shiga cikinsa ba gardama amma riƙonsa kaɗan ne. Malaina na tsaka-tsaki. Maɗaci ya haura kilo 700, shi da busasshiyar darbejiya sukan lanƙwasa ƙusa ko su tsage. Azarar giginya kuwa jijiyoyinta baƙaƙe masu tauri ne da ke darewa da sauƙi, kuma magina na da ba da ƙusa suke haɗa ta ba. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce katakon da ya wuce kilo 500 a fara huda shi kafin a sa ƙusa, kuma faɗin hudar kada ya wuce kashi 80 cikin 100 na kaurin ƙusar. Ga ƙusa mai kaurin milimita 4, huda mai milimita 3 ta yi. Inda babu wuta, ana yanke kan ƙusa siririya a ɗaura ta a abin huda na hannu.

Dabara mafi sauƙi ita ce dakushe bakin ƙusa. A kifa ta, kanta a kan dutse, a ɗan daki tsinin sau ɗaya. Dakusasshen baki yana murƙushe jijiyoyi ya wuce maimakon ya raba su. Riƙon yana ɗan raguwa, amma ya fi tsagaggen katako nesa ba kusa ba. Shafa sabulu a jikin ƙusa yana sauƙaƙa shigarta cikin itace mai tauri, sai dai abin da ya shiga da santsi da santsi yake fita. A bugu na miƙe, a bar aƙalla ninki goma na kaurin ƙusa daga bakin katako da ninki biyar daga gefe, kuma kada a jera ƙusoshi kan jijiya ɗaya.

Ɗanyen katako yana yaudara. Yana shan ƙusa lafiya ba tsaga, amma da hunturu ya busa sai ya bushe ya tsuke ta faɗinsa, ramin ya saki ƙusar, tsaga ta bayyana daga inda take. Rufin da aka yi da ɗanyen katako a ƙarshen damina yana buƙatar a hau a duba shi kafin bazara ta ƙare.

Iyakar ƙarfinta

Ko an buga ta daidai, ƙusar karkace ba ta kai ta miƙe ba. Ƙa'idar Amurka tana lissafa mata kashi 83 cikin 100 na ƙarfin ƙusar miƙe idan turi daga gefe ne, da kashi 67 idan ja ne zuwa sama. Ja zuwa sama kuwa shi ne aikin iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas gaban hadari ta shiga ƙarƙashin kwano. Ƙusa uku suna hana rafta zamewa, amma ba su kaɗai za a bar wa wannan iska ba. Ana zagaya rafta da langalanga a kafe ta a katakon bango ta gefe biyu, shi kuma katakon bango a ɗaure shi da rodin da aka binne cikin gini tun ana ɗora bulo, a lanƙwaso shi ta sama.