Karkasa Bayanan Hirar Barin Aiki Jigo-Jigo

Karkasa bayanan hirar barin aiki hanya ce da sashen kula da ma'aikata ke bi wajen tattara abin da masu ajiye aiki suka faɗa, a raba shi jigo-jigo, sannan a ƙirga mutum nawa suka ambaci kowane jigo.

Da farko ana ware waɗanda suka tafi don raɗin kansu daga waɗanda aka sallama, ko suka yi ritaya, ko kwantiraginsu ya ƙare, domin cakuɗa su yana ɓata sakamako. Sai a cire sunaye, a karanta bayanan duka kafin a raɗa wa kowane jigo suna. Jigogi shida zuwa goma sun wadatar, kuma kowanne a rubuta masa iyaka. Alal misali, ƙorafi kan rashin kuɗin ƙarin lokaci zai shiga albashi ne ko yawan aiki? A yanke tun farko, a tsaya a kai. Yana da kyau mutum biyu su karkasa bayanai ashirin, kowa shi kaɗai, sannan su gwada. Inda suka saɓa, nan ne iyakar jigo ba ta fito sarai ba.

Wajen ƙirga aka fi yin kuskure. Mutane ake ƙirgawa, ba yawan ambato ba: wanda ya koka kan albashi sau huɗu mutum ɗaya ne. Amma mutum ɗaya yana iya shiga jigo fiye da ɗaya. A ɗauka ma'aikata 40 sun tafi, aka samu albashi 18, halin shugaba 15, rashin ƙarin girma 12, yawan aiki 9, dalilan iyali 6. Jimilla 60 ke nan, ta haura 40, kuma hakan daidai ne. Kason albashi 18 cikin 40 ne, wato kashi 45 cikin ɗari. Wanda ya raba da 60 zai samu kashi 30, ya rage nauyin matsalar.

Tun da mutum ɗaya yana iya shiga jigo fiye da ɗaya, ana ƙara ƙirga ta biyu, ta babban dalili, inda kowa ke da jigo ɗaya tak. A wannan misali ana iya samun halin shugaba 13, albashi 9, ƙarin girma 8, iyali 6, yawan aiki 4. Albashi ya fi yawan ambato, amma halin shugaba ne ya fi korar mutane.

Ƙirgar ba ta wuce abin da aka yarda aka faɗa. Mai tafiya yakan buƙaci takardar shaida daga wurin, don haka ya fi masa sauƙi ya ce ya samu albashi mai tsoka da ya ambaci shugabansa. Idan jigon shugabanci ya ɓace a hirarrakin da shugabanni suka yi da kansu, alhali yana nan a waɗanda wani dabam ya yi, to an ɓoye wani abu. Haka kuma idan "sauran dalilai" suka haura kashi ɗaya cikin goma, akwai jigon da ba a gano ba, sai a koma a sake karanta su. Sashen da masu tafiyarsa ba su kai biyar ba kuwa, ba a fitar da ƙirgarsa dabam, don za a gane wanda ya yi magana.