Waiwaye: Dalilin da Ranar Sallah a Kalanda Take Zama Kirdado

Duk shekara idan azumi ya zo ƙarshe, muhawara ɗaya ce ke dawowa. Ma'aikaci ya ɗauki hutu bisa kalandar da ke rataye a bangon ofis, tela ya yi wa mutane alƙawarin ɗinki a kan ranar, sai sanarwar ganin wata ta zo da wata rana daban, a shiga cewa masu buga kalanda sun yi kuskure ko masu duban wata sun saɓa wa ilimi. Wannan saɓani ya girmi na'urar buga takarda da ƙarnoni.

Farkon labarin sananne ne. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a ɗauki azumi da ganin jinjirin wata, a ajiye da ganinsa, idan gajimare ya rufe a cika talatin. A zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi aka tsayar da ƙirgen shekaru daga Hijira. Tun lokacin Sahabbai an samu Sham ta ga watan Ramadan daren Juma'a, Madina kuma daren Asabar, Ibn Abbas ya tsaya a kan ganin Madina.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne matakin da masana taurari suka ɗauka a ƙarnonin farko na Musulunci. Suna buƙatar jadawalin da zai ba su damar lissafa kwanakin baya da na gaba ba tare da jiran mai shaida ba, don haka suka gina kalandar lissafi a kan matsakaicin tsawon wata, wato kwana 29 da awa 12 da minti 44. Rabin kwanan nan suka warware ta hanyar jera watanni bi da bi: Muharram 30, Safar 29, haka har ƙarshen shekara, jimla kwana 354. Ragowar minti 44 kuwa yana taruwa ya zama awa 8 da minti 48 a shekara, wanda a cikin shekara 30 ya kai kwana 11 cif. Saboda haka suka ware shekaru 11 a kowace talatin suna ƙara wa Zulhajji kwana ɗaya.

Tsarin yana da kyau ƙwarai ga aikin da aka yi shi dominsa, amma a cikinsa Sha'aban kullum 29 ne, Ramadan kullum 30, alhali duk mai azumi ya sha ganin Ramadan mai 29. Wata a sama ba ya bin matsakaici, domin tazarar haihuwarsa, wato lokacin da yake shiga tsakanin duniya da rana, zuwa ta gaba takan sauka zuwa kwana 29 da kimanin awa 7, takan kuma haura zuwa kwana 29 da kusan awa 20. A ganina nan ne tushen rikicin yake: jadawalin masana ya fito daga littattafansu ya hau bangon gidaje, mutane suka riƙa karanta shi a matsayin hukunci. Kalandun yau da dama, har da na wayoyin hannu, sun koma lissafin ainihin haihuwar wata, sai dai haihuwa daban, gani daban. Da wuya ido ya kama jinjirin da bai kai awa 15 ba, ga kuma hazo da hadarin damina.

Ramadan na 1445 ya nuna haka a fili. Najeriya da Saudiyya sun fara azumi ranar Litinin 11 ga Maris 2024, Maroko kuwa sai Talata 12 ga wata. Daren duba a Najeriya ya faɗo Litinin 8 ga Afrilu, ranar da aka yi husufin rana a Arewacin Amurka, kuma husufin rana ba ya faruwa sai daidai lokacin haihuwar wata. An haifi watan da misalin ƙarfe 7:21 na dare agogon Najeriya, bayan rana ta riga ta faɗi a Kano, don haka babu abin da za a gani. Aka cika talatin, aka yi Sallah Laraba 10 ga Afrilu. Maroko ma ranar ta yi tata Sallar, da azumi 29.

Motsin ranar Sallah ba ya yawan wuce kwana ɗaya a ƙasa guda, domin wata ba ya gaza 29, ba ya haura 30, kuma tambayar da ake yi a daren duba ita ce ko gobe ɗaya ga wata ne ko jibi. Babbar Sallah da Maulidi sun fi sauƙi, tunda suna faɗowa 10 ga Zulhajji da 12 ga Rabi'ul Awwal, ana sanin ranarsu da zarar watan ya tsaya. Ƙaramar Sallah ce kaɗai ke faɗowa ɗaya ga wata, shi ya sa tela da mai neman hutu ba sa samun tabbacinta sai bayan magaribar 29 ga Ramadan.