Waiwaye: yadda aka daina ɗaukar ɗan gida a matsayin shaida ɗaya

Lokacin da ilimin nazarin al'umma ya kafu a jami'o'in Birtaniya, ƙa'idar ita ce baƙo ya je wata ƙasa, ya koyi harshe, ya zauna shekara ɗaya ko biyu, ya dawo ya rubuta. Ana ganin ɗan gida ba zai iya adalci ba, tunda yana da nasa a ciki. Ko a 1938, da Jomo Kenyatta ya fitar da bincikensa a kan mutanensa Kikuyu na Kenya, ƙarƙashin kulawar Bronislaw Malinowski, ɗaya daga cikin jagororin wannan fanni, an karanta shi da wannan zargi, domin ɗan siyasa ne mai kare ƙasar kakanninsa.

Zargin ya juya a 1967, da aka buga littafin sirri na Malinowski bayan rasuwarsa, aka ga irin ƙyama da gajiyar da yake ji game da mutanen da ya zauna cikinsu. Ashe baƙon ma da nasa son rai yake zuwa. Daga nan wasu suka wuce gona da iri, suka ce ɗan gida kaɗai ke da ikon magana a kan gida, da'awar da masani Ba'amurke Robert Merton ya ƙalubalanta a 1972.

A ganina, labarin masani ɗan Indiya M. N. Srinivas ya fi duk wannan muhawara amfani. A 1948 ya zauna a ƙauyen Rampura da ke yankinsa na Mysore a Indiya, yana jin harshen Kannada. Amma shi Brahmin ne, wato daga rukuni mafi daraja, kuma mai gari ne ya ba shi masauki. Mutane suna sa ido su ga inda yake shiga da abin da yake ci. Shi da kansa ya amince daga baya cewa ya fi ganin ƙauyen ta fuskar manya, bai samu kusantar na ƙasa yadda ya kamata ba. Irin wannan ne masaniya Kirin Narayan ta jaddada a 1993: mutum ɗan gida ne ta wani gefe, baƙo ta wani.

Mu ma mun san haka. Ɗalibin da ya koma garinsu yin bincike a kan aure, zaure ne iyakarsa a gidajen kulle, alhali Mary Smith, Baturiya, ta shiga cikin gida ta ɗauki tarihin wata dattijuwar Bahaushiya, Baba ta Karo, a 1949 zuwa 1950. Idan kuma ɗan sarauta ne, manomi ba zai faɗa masa gaskiyar rikicin gona ba.

Ana gane matsalar a rubutun hira. In amsoshi suka cika da "ai ka sani, ɗana", to an rufe magana ne da kara, mai binciken kuma ya cike gurbin da zatonsa. Shi ya sa yau ake neman mai bincike ya rubuta wanda ya gabatar da shi, gidan da ya sauka, da waɗanda suka ƙi yi masa magana, sannan ya nemi mace ko wani na wata unguwa ya sake yin wasu hirarrakin don a gwada amsoshin.